Ƙarfin laka kafin ruwa ya tsane da bayan ya tsane: wanne za ka ɗora zanenka a kai?

Rahoton gwajin ƙasa ya iso hannunka. A shafi ɗaya an rubuta cu = 80 kPa, a wani shafin kuma c′ = 5 kPa da φ′ = 24°. Laka ɗaya ce, daga rami ɗaya aka ciro ta. Ka yi lissafi da lambar farko, gangaren da kake son yankawa ya fito da rarar ƙarfi kusan ninki uku. Ka sake yi da na biyun, lissafi ya ce gangaren zai zube. Ɗan kwangila kuwa yana jiran amsa, kuma kowa ya san wadda yake so ya ji.

Babu lambar da ta yi ƙarya a cikinsu. Kowacce tana ba da labarin laka ne a wani lokaci daban na rayuwar aikin. Abin da ya rage gare ka shi ne ka gano ranar da aikinka zai fi shiga hatsari: ranar da aka gama shi, ko wata damina can bayan shekaru.

Abin da lambobin biyu suke nufi

Laka mai cike da ruwa abu biyu ce a haɗe: ƙwayoyin ƙasa, da ruwan da ke tsakaninsu. Ruwa yana iya ɗaukar danni, amma ba ya hana zamewa. Gogayyar ƙwayoyin ce kaɗai ke riƙe ƙasa, kuma wannan gogayya ta dogara ne da nauyin da ƙwayoyin suke ɗauke da shi da kansu. Wannan ita ce ƙa'idar da Karl Terzaghi ya kafa:

σ′ = σ − u

σ shi ne dukkan nauyin da ke bisa wurin, u matsin ruwan da ke cikin ƙasa, σ′ kuma rabon da ya faɗa kan ƙwayoyi.

A yashi, da an ɗora nauyi ruwa yake sulalewa nan take, ƙwayoyi su karɓi kayan. Laka ba haka take ba, ƙofofinta sun yi ƙanƙanta ƙwarai. In ka ɗora mata kaya yau, ruwan cikinta ne zai fara ɗauka, u ya hau, ƙwayoyin kuwa ba su ji komai ba tukuna. Don haka ƙarfinta na yau shi ne dai na jiya, komai yawan abin da ka jibga. Wannan shi ne ƙarfin kafin tsanewa, kuma lamba ɗaya ce, inda τ ke nufin ƙarfin da ƙasa take hana zamewa da shi:

τ = cu

Bayan watanni ko shekaru, matsin ruwan zai koma yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa na wurin ya tsara. A lokacin ne ake amfani da ƙarfin bayan tsanewa, inda c′ ke nufin mannewar ƙwayoyi da juna, φ′ kuma kusurwar gogayyarsu:

τ = c′ + σ′ tan φ′

A kula da kalmar tsanewa a nan. Ba bushewa ake nufi ba. Ana nufin rarar matsin da aikinka ya haifar ta gushe. Wani lokaci ruwa fita yake yi kafin hakan ta tabbata, wani lokaci kuma shiga yake yi. A wannan bambancin duk maganar take.

Ma'aunan da za mu bi

Da abubuwa biyar zan auna su. Na farko, wace tambaya lambar take amsawa. Na biyu, kuɗi da kwanakin da gwajinta ke ci. Na uku, ƙarkonta, wato tsawon lokacin da za ta ci gaba da zama gaskiya a cikin ƙasa. Na huɗu, sauƙin lissafi da ita. Na biyar, irin hatsarin da ke biyo baya in aka ɗauke ta a inda ba muhallinta ba.

Kafin su duka akwai tambayar lokaci: shin laka za ta samu damar tsanewa yayin da ake aikin? Ana ƙiyasta wannan da

t = Tv × H² / cv

H ita ce tafiya mafi nisa da ruwa zai yi kafin ya samu mafita, cv saurin tsanewar lakar, Tv kuma 0.848 ne in ana son kashi 90 cikin ɗari. Dubi yadda H ta zo da ninkin kanta. In tafiyar ruwa ta ninka sau biyu, jira ya ninka sau huɗu. Shi ya sa siririn shimfiɗin yashi a tsakiyar laka, wanda mai haƙa bai ko rubuta shi a takarda ba, yake iya sauya lissafin gaba ɗaya.

Ƙarfin kafin tsanewa

Tambayar da cu ke amsawa ita ce: in na ɗora kaya ko na yanke ƙasa yanzu, kafin ruwa ya motsa, za ta riƙe?

Ta fuskar kuɗi ita ce mai araha. Gwajin UU a injin tirayaksiyal, inda ake rufe bututun ruwa a matse samfur har ya karye, mintuna kaɗan yake ɗauka, ana iya yin samfura da yawa a yini guda. A laka mai taushi akwai abin da ya fi shi: ƙarfe mai fiffike huɗu da ake cusawa cikin ƙasa a murɗa har laka ta saki, a karanta ƙarfin a wurin ba tare da an ciro samfur ba. Sai dai a laka mai danƙo sosai wannan gwaji yana ba da lamba fiye da gaskiya. Laurits Bjerrum ya nuna haka a 1972 bayan ya binciki cikon da suka rufta, ya kuma ba da gyaran da ake rage lambar da shi gwargwadon danƙon lakar.

Lissafinta ma ba wuya. Ba ka bukatar sanin u ko kaɗan. Nauyin da doguwar harsashi za ta iya ɗorawa kafin ƙasa ta saki shi ne 5.14 × cu, a ƙara nauyin ƙasar da ke gefe. A ƙasan turken fayil ana ɗaukar 9 × cu. Da alƙalami da takarda an gama.

Rauninta yana wajen ƙarko. cu ba halin laka ba ce na dindindin, hotonta ne a ranar da aka ɗauka, da ruwan da ke cikinta a ranar. Ruwa ya ƙaru kaɗan, lambar ta faɗi. Kuma tana sauyawa da zurfi, da yadda aka ciro samfur. Samfurin laka mai taushi da aka buga bututu da guduma aka ciro, ya kwana a bayan mota cikin rana, ba zai faɗa maka gaskiya ba. A laka mai tauri da tsage-tsage kuwa matsalar a juye take: ƙaramin samfur mai faɗin milimita 38 yakan kauce wa tsagar, ya ba da ƙarfin da babbar ƙasar ba ta da shi.

Akwai wani tarko da ya fi shafar mu a ƙasashen da rani ke da tsawo. Ƙa'idar τ = cu ta laka ce mai cike da ruwa. Lakar da aka ciro a watan Maris daga mita 1 ko 2 na sama, a Kano ko Maiduguri ko Maraɗi, ba a cike take ba. Akwai iska a cikinta, kuma ɗan ruwan da ya rage yana tsuke ƙwayoyin kamar yadda danshi ke riƙe tubalin da bai gama bushewa ba. Gwajin UU a kan irin wannan zai ba ka babbar c, har da wata φ ta digiri goma sha wani abu. Sau da yawa sai a kwashi waɗannan biyun a zuba cikin lissafin harsashi kamar su ne c′ da φ′. Ba su ba ne, kuma ba cu ta gaskiya ba ce. Ƙarfin rani ne, ruwan Agusta yana zuwa zai tafi da mafi yawansa. Duk rahoton da ya kawo φ mai girma daga UU a kan laka, abu na farko da nake dubawa shi ne watan da aka haƙa ramin da yawan ruwan samfurin.

Ƙarfin bayan tsanewa

Tambayar da c′ da φ′ ke amsawa ita ce: bayan ruwa ya gama kai-komonsa ya zauna, ƙasar za ta ci gaba da riƙewa?

Wannan shi ne mai tsada. Gwajin CD yana bukatar a cika samfur da ruwa, a bar shi ya matsu, sannan a karya shi a hankali ƙwarai don kada matsin ruwa ya taru a ciki. A laka mai danƙo samfur ɗaya yana iya cin mako ko fiye, kuma aƙalla uku ake bukata kafin a ja layi. Inji ɗaya zai tsaya a kan aikinka makonni, kuma dole wuta ta zauna, don in ta ɗauke a tsakiyar gwaji an koma baya. Shi ya sa aka fi yin CU tare da auna matsin ruwa: a bar samfur ya matsu, a rufe bututu, a karya shi ana karanta u, sai a cire u daga σ a samu c′ da φ′. Kwanaki kaɗan yake ci, kuma yana ba da haske a kan ɓangarorin biyu. In kuɗin gwaji ɗaya kawai ake da shi mai kyau, ni wannan zan zaɓa. Akwatin zamewa ma yana ba da φ′ da araha, muddin an tafiyar da shi a hankali. In aka yi masa gudun da ake yi wa yashi, abin da zai fito ba na kafin tsanewa ba ne, ba na bayanta ba.

Ta wajen ƙarko, φ′ ta fi kowace lamba a rahoton zama daram. Ba ta damu da rani ko damina ba. Laka marar danƙo sosai tana iya kai wa digiri 30, mai danƙo ƙwarai tana sauka wajen 20 ko ƙasa da haka. c′ ce ba a sakin jiki da ita. A laka mai taushi kusan sifili ce, a mai tauri kuma tana zaizayewa yayin da tsage-tsage ke buɗewa suna shan ruwa. In kuwa ƙasar ta taɓa zamewa a da, ƙwayoyin sun riga sun kwanta sun yi santsi a kan layin zamewar, φ′ ta can tana iya faɗowa wajen digiri 10 a laka mai danƙo.

Wahalar lissafi da shi ita ce dole ka san u. Gwajin ɗaki ba zai ba ka wannan ba. Sai ka binne bututun auna ruwa a wurin, fiyezomita, ka karanta shi har ƙarshen damina. Mutum zai iya kashe kuɗi ya samu φ′ daidai har rabin digiri, sannan ya yi hasashen zurfin ruwa da ka, alhali kuskuren mita 1 a zurfin ruwa ya fi kuskuren digiri 2 ɓarna a gangare marar zurfi.

| Ma'auni | Kafin tsanewa | Bayan tsanewa |
|---|---|---|
| Lambobi | cu | c′ da φ′, tare da u |
| Gwaji | UU, fiffiken murɗawa | CD, CU mai auna matsin ruwa, akwatin zamewa a hankali |
| Kuɗi da lokaci | araha, yini guda | tsada, kwanaki zuwa makonni |
| Ƙarko | tana sauyawa da ruwan cikin laka | φ′ tana daɗewa, c′ tana raguwa |
| Sauƙin lissafi | ba a bukatar u | sai an auna ko an ƙiyasta u |
| Inda ya fi yanke hukunci | ɗora kaya a laka mai taushi | yanka ko haƙa a laka mai tauri |
| Babban hatsari | a amince da ita na shekaru | a ɗauka ruwa ya tsane alhali bai tsane ba |

Hanya ɗaya, wurare biyu

Mu ɗauki misalin hanya da za ta ratsa fadama ta hau tudu. Lambobin na misali ne, amma irin waɗanda ake gamuwa da su ne.

A fadamar akwai laka mai taushi mai kaurin mita 10, da yashi a ƙarƙashinta. Ruwa yana mita 1 daga sama. cu ta fito 12 kPa, φ′ digiri 24, cv kuma murabba'in mita 2 a shekara. Ana son ciko mai tsayin mita 3, kowace mita tana danna 20 kPa, jimla 60.

Fara da lokaci. Ruwa yana da mafita sama da ƙasa, don haka H mita 5 ce. Kashi 90 na tsanewa zai ci 0.848 × 25 / 2, wato shekara 10 da rabi. Ɗan kwangila zai gama cikon cikin wata 3, lokacin da tsanewar ba ta wuce kashi 16 ba. Ke nan cu ce ke riƙe da aikin. Abin da ƙasar za ta iya ɗauka 5.14 × 12 ne, kusan 62 kPa, ana kuma shirin ɗora mata 60. Rarar ƙarfi, F, wato abin da ƙasa za ta iya ɗauka a raba shi da abin da aka ɗora mata, ta tsaya a 1.03. Tifa ɗaya ta ƙara juye ƙasa a baki, ciko ya tsage ta tsawonsa, fadama ta kumbura a gefe.

Yanzu dubi abin da zai faru da wanda ya ɗauki φ′ ya manta da rarar matsin ruwa. A tsakiyar lakar, mita 5, ƙwayoyi suna ɗauke da kusan 45 kPa kafin aiki. Shi zai ƙara 60 a kai ya samu 105, ya ninka da tan 24°, ya ga ƙarfi 47 kPa. Kusan ninki huɗu na abin da ke ƙasa a ranar. Lambarsa za ta zama gaskiya, amma bayan shekara goma, in cikon ya kai lokacin.

Irin wannan ne ya faru da rumbun hatsi na Transcona kusa da Winnipeg a Kanada, a watan Oktoba na 1913. An cika sabon rumbun da hatsi cikin ɗan lokaci, lakar ƙarƙashinsa ba ta samu sararin tsanewa ba, ginin ya karkace kusan digiri 27 cikin yini guda, shi kansa bai farfashe ba. Da aka auna lakar shekaru bayan haka, nauyin da ya kayar da shi ya yi daidai da abin da lissafin cu ke bayarwa.

Abin daɗi a wannan ɓangaren shi ne lokaci yana tare da kai. Ɗora mita 2 kawai da farko, 40 kPa, F ta zama 1.5. Bari lakar ta matsu. A laka mai taushi cu tana bin kusan 0.22 na nauyin da ƙwayoyi suka taɓa ɗauka, don haka in kashi 90 na 40 ya koma kansu, 45 ta zama 81, cu ta hau zuwa kusan 18. Yanzu ƙasar tana ɗaukar 92 kPa, mita ta uku ta hau da F wajen 1.5. Ba wanda zai jira shekara goma, shi ya sa ake cusa magudanan tsaye a cikin lakar, tazarar mita 1 zuwa 2, tafiyar ruwa ta gajarce, shekaru su koma watanni. Amma kada kalanda ta ba da izinin hawa na biyu. Fiyezomita ce za ta nuna matsin ya sauka, kuma a tuna ƙaruwar ƙarfin ta fi yawa a ƙarƙashin tsakiyar ciko, a bakinsa kaɗan ce.

A tudun kuma za a yanka mita 8 cikin laka mai tauri, wadda ke kan rahoton da muka fara da shi. An zana gangare mita 1 a tsaye, 1.5 a kwance. Da jadawalin Taylor na lissafin gangare, F = 80 / (0.181 × 20 × 8), kusan 2.8, inda 0.181 lambar jadawalin ce, 20 nauyin ƙasa a kowace mita, 8 kuma zurfin yankan. Kuma gaskiya ne, ranar da katafila ta gama yankan, bangon zai tsaya kyam, har ana ganin sawun haƙoran bokiti.

Me ya riƙe shi? Da aka kwashe ƙasar sama, lakar ta so ta kumbura, amma ba ta samu ruwan da za ta sha nan da nan ba. Sai u ya faɗi ƙasa da yadda ya kamata, har ya koma tsotso, wannan tsotson ya matse ƙwayoyin. Aron ƙarfi ne. Kowace damina ruwa yana bin tsagar da rani ya buɗe yana shiga, tsotso yana raguwa, laka tana laushi. A nan lokaci gaba yake yi da kai.

Auna fatar gangaren, mita 1.5 na sama, da c′ = 5 da φ′ = 24°. Ko babu matsin ruwa sam, c′ tana ba da 0.36, gogayya tana ba da 0.67, F ta zama 1.03. In ruwa ya cika ƙasar har sama, rabon gogayya ya rabu biyu, F ta sauka 0.7. Gangaren da ya nuna 2.8 ke nan. Kwantar da shi zuwa 1 a tsaye 3 a kwance, F ta koma 1.2 a jiƙe. Ƙara magudanan tsakuwa da za su sauke ruwan zuwa rabin wannan kaurin, ta kai wajen 1.55. Lura cewa fiye da sulusin wannan lambar daga c′ ya fito. In ta zaizaye gaba ɗaya, 1.0 ya rage. Saboda haka ne nake ganin duk wanda ya sa c′ fiye da 5 a gangaren dindindin na laka, ya kamata ya iya faɗin inda ya samo ta.

A. W. Skempton ya tattara irin waɗannan a laccarsa ta 1964 a kan gangaren lakar Landan: yankan hanyoyin jirgin ƙasa da suka tsaya gomman shekaru kafin su zube. Bangon tare ƙasa na Kensal Green a Landan an gina shi a 1912, ya faɗi a 1941. Lakarmu mai tsagewa da rani ba lallai ta yi wannan haƙurin ba, domin tsagar tana kai ruwa ciki kai tsaye. Alamun suna bayyana kafin zubewa: tsaga mai lanƙwasa a saman gangare, kumburi a gindinsa, lambatun siminti da ya fara matsewa, da jiƙa da ba ta bushewa bayan ruwa ya ɗauke.

Kwamfuta ba ta raba wannan gardama

Manhajojin lissafin ƙasa suna ba ka damar shigar da c′ da φ′ ka ce a yi lissafin kafin tsanewa, manhajar ta ƙiyasta u da kanta. A laka mai taushi, in aka yi haka da samfurin lissafi mai sauƙi na Mohr-Coulomb, u yakan fito ƙasa da gaskiya, cu ɗin da ke ɓoye a ciki ta fito sama da gaskiya. Binciken ruftawar ramin jirgin ƙasa na Nicoll Highway a Singafo, ranar 20 ga Afrilu 2004, inda mutum 4 suka rasu a haƙa mai zurfin kusan mita 30, ya lissafa wannan cikin manyan kurakuran zanen, tare da raunin haɗin ƙarafan tokare. Maganinsa ba wuya: ka fitar da cu da manhajar take aiki da ita a kowane zurfi, ka ɗora ta kan wadda aka auna a fili. In ta manhaja ta fi, ita ce za a gyara.

Wane aiki, wace lamba

Ciko, tankin mai ko na ruwa, rumbu, ko tarin kaya a kan laka mai taushi ta fadama ko bakin kogi: cu ce ke yanke hukunci. Kashe kuɗinka a gwajin fiffike a zurfafa daban-daban, da gwajin matsuwa don samun cv, da fiyezomita. Tanki ma a fara cika shi da ruwa kashi-kashi.

Yankan hanya, gangaren magudanar ban-ruwa, ko bangon tare ƙasa na dindindin a laka mai tauri: c′ da φ′, da matsin ruwan ƙarshen damina. cu a nan amfaninta kawai ta nuna maka za a iya aikin ba tare da ya zube a kan ma'aikata ba. In akwai alamar wurin ya taɓa zamewa, sai φ′ ta layin da ya riga ya yi santsi.

Haƙa mai zurfi a laka mai taushi: duk da cewa cire kaya ne, cu ce ke fara magana, domin gindin ramin yana iya bullowa sama tun ana haƙa. In γH / cu ta doshi 5 ko 6, an kusa, inda γ nauyin ƙasa ne a kowace mita, H kuma a nan zurfin ramin. In ramin zai daɗe a buɗe, a duba na bayan tsanewa ma.

Ramin bututu ko na kwalbati na kwanaki kaɗan: a takarda cu ce, amma laka mai tsage-tsage tana iya rasa tsotsonta a ruwan dare ɗaya. Ramin da mutum zai shiga ya nutse har ƙirji, a tokare shi ko a kwantar da bakinsa, komai kyan lambar.

Harsashin gida a laka mai matsakaicin tauri: lissafa duka biyun ka ɗauki ƙaramin, sannan ka duba nutsewa, don sau da yawa ita ce ke ƙayyade faɗin harsashi. A baƙar lakar firgi ta yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Marte da Gamboru, kumburi da tsukewa tsakanin damina da rani ne ke fasa gini tun kafin a zo maganar zamewa, don haka gwajin kumburi ya riga waɗannan biyun.

Madatsar ruwa ta ƙasa, irin su Tiga: lissafi uku ne, kowanne da lambarsa. Ƙarshen gini na kafin tsanewa ne, musamman in harsashin laka ce mai taushi. Gangaren baya, bayan tafki ya cika ruwa ya daɗe yana ratsawa, na bayan tsanewa ne. Gangaren gaba kuma ranar hatsarinsa ita ce ranar da aka sauke ruwan tafki da sauri: ruwan da ke tokare shi daga waje ya tafi, na cikin lakar bai fita ba. Wannan na ukun da sakamakon CU ake yin sa, kuma daga gare shi ake fitar da iyakar santimita nawa za a yarda ruwa ya sauka a yini, a rubuta a ba masu kula da ƙofofin dam.